Na sa wa jimloli alama ban gyara su ba, mai aikin ya ji haushi, me zan rubuta masa?

Rukayya: Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Wani ya ba ni rahoton ƙungiyarsu shafi 32 in duba masa kurakurai, na gyara duk abin da na gani, amma akwai jimloli tara da ban gane abin da yake nufi ba sai na sa musu alama na bar su yadda suke. Yanzu ya turo wai shi gyara ya biya ba tambayoyi ba. Yaya zan yi masa bayani a rubuce ba tare da ya ga kamar ban iya aikin ba ne?

Abban Sadiq: Wa alaikissalam. Ni fa ban ga abin wahala ba, ki kunna Track Changes na Word, wanda ke nuna masa duk gyaran da kika yi, ki gyara su yadda kika fahimta, in bai yi masa ba ai yana gani zai mayar. Kwastoma ba ya son a dawo masa da aiki, shi ya sa ya kawo miki tun farko.

Anti Bilki: Abban Sadiq maganarka tana kan hanya amma ba a kowace jimla ba. In jimla ta yi nauyi ne kawai amma ma'anarta ɗaya ce kowa ya karanta abu ɗaya zai fahimta, to wannan a gyara a wuce. Matsalar ita ce wadda take da fuska biyu. Kuma maganar wai yana gani, hmm, na daɗe a aikin nan, mutum in ya buɗe fayil ya ga jan rubutu ya kai ɗari uku ba ɗaya bayan ɗaya zai bi ba, Accept All Changes zai danna ya tura wa masu buga takarda, shi ke nan hasashenki ya zama maganarsa da sunansa a ƙasa. Rukayya kawo mana biyu ko uku daga ciki mu gani, ki cire sunayen mutane.

Rukayya: To Anti ga su. Ta shafi na 7: "Shugabar kwamiti ta ce ya sa hannu kafin ƙarshen wata." Ta shafi na 15: "Sakatare ya sanar da ma'aji cewa zai mayar da kuɗin." Sai shafi na 21 ya rubuta mutum 48 suka halarci horon, amma jadawalin da ke ƙasa in ka haɗa 46 ne.

Anti Bilki: Madalla, wallahi da ni ce ma ba zan taɓa ko ɗaya ba. Dubi ta farkon. A baki ba ta da matsala, in ka ja "ya" ɗin ka ɗaga murya to ya riga ya sa hannun, labari take bayarwa, in ka gajarta ka sauke murya to umarni ne, cewa ta yi ya je ya sa. Amma mu ba ma rubuta tsawon wasali da hawa da saukar murya, sai duka biyun suka zama harafi biyu iri ɗaya a takarda. Shi da ya rubuta yana jin muryar a kansa shi ya sa yake ganin jimlar lafiya lau take, ke kuma ba ki zauna a taron ba. In kika mai da ita "ya riga ya sa hannu" alhali har yau mutumin bai sa ba, kin rubuta ƙarya a rahoton ƙungiya kin kuma wanke wani daga laifi.

Ta biyun ma haka, "zai" ɗin nan na sakatare ne ko na ma'aji, kuma maganar kuɗi ce fa. Ta ukun kuwa ba ki san ko 48 ne kuskuren ko an manta layi ɗaya a jadawali ba, takardar sa hannun mahalarta tana wajensa ba wajenki ba.

Abin da nake zargi shi ne yadda kika sa alamar. Me kika rubuta a gefe?

Rukayya: Na shafa musu ruwan ɗorawa ne na rubuta "ba a gane ba" 🙈

Anti Bilki: Ai kuwa dole ya ji haushi ƙanwata, ko ni ce zan ji. "Ba a gane ba" kamar jan biron malamin makaranta ne, bai gaya masa me zai yi ba. Ki koma kowace jimla ki danna Ctrl+Alt+M a Word, wurin sharhi zai buɗe a gefe, ki rubuta ma'anonin biyu a shirye, shi zaɓa kawai zai yi. Sannan saƙon ki yi shi gajere, kamar haka:

"Malam barka da aiki. Na gama duba rahoton, kurakuran rubutu da alamomin tsayawa da rabon kalmomi duk na gyara, za ka gan su da ja. Akwai wuri tara da na bari da gangan saboda kowanne yana iya ɗaukar ma'ana biyu, kuma kai ne ka san abin da ya faru, ina gudun in zaɓi wadda ba ita ba in sa maka magana a baki. Misali shafi na 7, in an riga an sa hannun zan mai da ita 'ta ce ya riga ya sa hannu', in kuma umarni ne sai ta zama 'ta umarce shi da ya sa hannu'. A gefen kowacce na rubuta zaɓi na 1 da na 2, lambar kawai za ka turo min, sai shafi na 21 da nake roƙon ka duba takardar mahalarta. Da ka turo zan shigar da su yau, yana cikin aikin da muka yi magana, babu ƙarin komai."

Kin ga kin fara da abin da kika yi kafin abin da kika bari, kuma kar ki cika ban haƙuri, ba laifi kika yi ba.

Nura: Ni matsalata ƙ da ɗ ne, duk sanda na tura wa mutum fayil sai su koma akwati akwati a kwamfutarsa, ko shi ne ya sa bai gane ba?

Maman Ilham: Nura ba wannan ake magana ba, naka font ɗin ne ba ya ɗauke da haruffan, ka canza shi. Ni kuma ta ɗaya ɓangaren abin ya same ni. Lokacin furojet ɗina na rubuta "malamai da ɗalibai ashirin aka yi wa tambayoyi", nufina ɗaliban ne ashirin malamai daban, wanda ya duba min ya ga zai taimaka ya mai da shi "mutum ashirin, malamai da ɗalibai". Ban lura ba sai ranar kare aikin wani malami ya buɗe babi na huɗu ya ce a nan 26 ne a can 20, ina shidan suka shiga, na tsaya ina ta juya takarda gumi na keto min. Da tambayata ya yi minti ɗaya ya isa.

Abban Sadiq: Na yarda da na kuɗin da na adadin. Amma tara fa Anti? Wani in an ba shi dama kowace jimla sai ya ce fuska biyu gare ta. Kila in ta karanta sakin layin da ke gaba amsar tana nan.

Anti Bilki: Wannan gaskiya ne, ki sake bi Rukayya. In shafi na 16 ya ce ma'aji ya mayar da kuɗin to tambayar shafi na 15 ta mutu, ki gyara da kanki ki bar masa ɗan bayani cewa daga nan kika ɗauko.

Rukayya: Na sake bi, biyu sun warware daga abin da ke gabansu, saura bakwai, na tura masa saƙon. Ya amsa biyar nan take har da na gode, ashe 46 ne daidai. Amma na shafi na 7 da wani ɗaya cewa ya yi shi ma ba ya wajen taron, wai in zaɓi wanda ya fi daɗin karantawa kawai.

Abban Sadiq: To ai ya ba ki izini, ki zaɓa ki ajiye saƙon nasa.

Anti Bilki: Ni dai ba zan zaɓa ba, zan bar su yadda ya rubuta da alamar a jiki in ce ya kira shugabar kwamitin. Yaushe ne zai miƙa rahoton?

Rukayya: Gobe da safe Anti, kuma wai wayarta a kashe.