Tushe ɗaya, kalmomi takwas: ya ake cankar ma'ana ba tare da ƙamus ba?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Malamarmu ta Larabci ta ba mu aikin gida, tushe ɗaya, kha, ra da jim, da kalmomi takwas a ƙarƙashinsa, wai mu canki ma'anarsu kada mu buɗe ƙamus. Kharaja kawai na sani, ya fita. Ga sauran: akhraja, khaarij, makhraj, istakhraja, takharraja, ikhraaj, kharaaj. Me zan karanta, ko ta ina zan faro?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ki haddace Lamiyyatul Af'al ta Ibn Malik, magana ta ƙare.

Anti Bilki: Mutum na neman ya haye kwata ka ce ya sayo kwalekwale. Ranar Asabar fa za ta miƙa aikin.

Malam na Tudun Wada: Maman Hanif, aikin nan rabinsa kin riga kin sani. Ki aza kowace kalma a kan fa'ala, wato fa a gurbin harafin farko na tushe, ain a na biyu, lam a na uku, sai ki ga abin da ya ƙaru. Makhraj ta hau maf'al, wannan mim ɗin na farko yawanci wurin yin abu yake nunawa. Ai a tajwidi kina cewa makhrajin harafi, wurin da yake fitowa. Mu ma haka muke yi da Hausa, fita ta ba mu mafita, aiki ya ba mu ma'aikata. Khaarij ta hau faa'il, mai aikatawa, don haka mai fita, daga nan kuma ake kiran waje da ita. Akhraja an ƙara hamza a gaba, sai aikin ya tsallaka kan wani: ba shi ya fita ba, fitar da wani ya yi. Ikhraaj kuwa masdarinta ce, fitarwa. Huɗu ke nan.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Malam. To istakhraja fa?

Abban Sadik: Wannan mai sauƙi ce. Duk inda kika ga ista a farko to roƙo ne, kamar istagfara, ya nemi gafara. Istakhraja, ya roƙi a fitar da shi.

Malam na Tudun Wada: Ka kama gefe ɗaya, Abban Sadik. Neman yana nan, amma a wannan kalmar nema ne da aiki, wato a wahala a ciro abu daga inda yake. Da ita ake faɗin haƙo man fetur ko ma'adinai daga ƙasa. Kuma ka cire "duk inda". Istahsana ba neman kyau ba ne, ganin abu da kyau ne. Istaƙbala kuma tarbar baƙo.

Ɗan Damagaram: Kharaaj dai kowa ya san shi, harajinmu ne na Hausa. Abin da ke fita daga aljihu ba ya dawowa.

Anti Bilki: Yau dai ka faɗi gaskiya, a rubuta ranar.

Yaya Auwalu: Ni bari in ba ku labarin abin da wannan cankar ta yi min, don kada a ɗauka kullum tana ci. Shekarar da na fara difloma, wani abokin karatuna ya koya min haruffan ƙari goma da aka tara a sa'altumuniha, ya ce duk wanda na gani a kalma in jefar, abin da ya rage shi ne tushe. Na riƙe wannan kamar aya. Ranar gwaji aka kawo ittifaaƙ, aka ce fitar da tushe ka kawo 'yan uwanta biyu. Na cire alif na farko da na tsakiya, na bar ta ɗaya don in samu uku, na rubuta ta, fa, ƙaf. 'Yan uwa kuwa na rasa, sai na ƙirƙiro. Ashe tushen wawu ne, fa, ƙaf. Wawun ne ya rikiɗe ya koma ta, ya narke cikin ta ɗin ifta'ala, shi ya sa ake ganin shadda. Abin haushin, kalmomin suna bakina kullum: muwafaƙa, taufiƙi. A takarda ɗaya kuma aka kawo miizaan, na je ina neman mim da zai da nun. Shi ma wawu ne, daga wazana, ya auna, wawun ya koma ya saboda kasrar da ke gabansa. Tambaya biyu, maki ya tafi. Tun daga ranar idan na ga shadda a kan ta bayan alif na farko, kamar ittasala ko ittahada, wawu nake fara zargi. Idan kuma na ga harafin madda a tsakiya ba na yarda da shi sai na juya kalmar zuwa wani sigar na ga ko zai canza, kamar yadda ƙaala ke tona kanta a yaƙuulu.

Malam na Tudun Wada: Abokin naka da ya gwada dokarsa a kan sa'ala kanta, da ya ga ba harafi ko ɗaya da zai rage. Haruffan nan goma su ne waɗanda ake iya ƙarawa, ba wai kullum ƙari ba ne.

Hajiya ta Kumasi: Ni ma matsalata ke nan, ban san inda ake sa rufu'a da inda ake sa fataha a ƙarshen kalma ba.

Anti Bilki: Hajiya wannan nahawu ne, mu sarfu muke ciki. Amma kin tuna min, wasalin ciki ma yana kayar da mutum. Mursil mai aikawa, mursal wanda aka aika, kuma in babu wasali rubutunsu ɗaya ne.

Abban Sadik: To idan haka ne ai cankar ba ta da amfani. Jamal raƙumi, jamaal kyau, jumla jimla. Wa zai haɗa waɗannan?

Ɗan Damagaram: Kai da ba ka taɓa ganin amale ya sha ado ba. Zo Agadas ka ga kyau.

Abban Sadik: Kyan raƙumi sai mai shi.

Malam na Tudun Wada: Tambayar tana kan hanya. Wani tushen ma'ana fiye da ɗaya yake ɗauke da ita tun asali. Ibn Faris, wanda ya rasu a 395 bayan hijira, a kan haka ya gina Maƙayisul Luga: kowane tushe sai ya faɗi asali nawa gare shi. A tushen zal, ha da ba, ya raba zahab, zinariya, da zahaba, ya tafi, bai tilasta musu zama abu ɗaya ba. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne inda hamzar af'ala ke juya ma'ana. Ƙasaɗa ya yi zalunci, aƙsaɗa ya yi adalci. Shi ya sa a Suratul Jinn ƙaasiɗuuna makamashin Jahannama ne, muƙsiɗiina kuma a wasu surori aka ce Allah yana son su. Mai canka ba tare da duba jimla ba zai sa su a layi ɗaya.

Yaya Auwalu: Maƙayis ya yi wa mai farawa nauyi Malam. Shazal Arfi na Hamalawi ya fi, babin ma'anonin sigogin ƙari kawai za ta buɗe. Ana samunsa wajen masu littattafai a Kurmi.

Ɗan Damagaram: Shazal Arfin ma ai ba kunun yara ba ne. Ni dai ina kan Lamiyya.

Maman Hanif: Jama'a an manta da takharraja. Na rubuta "ya fita da kansa a hankali", tunda ta'allama koyo ne kaɗan-kaɗan. Daidai ne?

Malam na Tudun Wada: Hanyar da kika bi daidai ce, amma a littattafan makaranta na yau ma'anarta ya kammala karatu, an yaye shi. Ki rubuta cankarki, ki sa wannan a gefe, ki ga wanne malamar take nema.

Anti Bilki: Idan ta ba ki rabin maki ki zo mu raba.

Hajiya ta Kumasi: To ni nawa nahawun yaushe za a yi?