Me za mu kira "net yil" na gidan haya da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta wa yayana lissafin gidan hayarsa a Kano, na zo kan abin da 'yan boko ke ce wa net yil, wato abin da gida ke kawowa bayan an cire kuɗaɗen da aka kashe, sai na tsaya cak, don in na rubuta kuɗin haya kawai zai ɗauka duk abin da aka karɓa nasa ne. Wace kalma ta dace?

Dillali: Riba mana, ko tsantsar riba.

Akanta: Alhaji ka kusa amma da saura. Tsantsar riba naira ce, shi kuwa wannan kaso ne cikin ɗari na uwar kuɗi. A ce gida ya ci miliyan 40 har da la'ada da kuɗin lauya, fulat huɗu, kowanne dubu 800 a shekara. A baki miliyan 3.2 ke nan, kashi 8, kuma da wannan lambar ake tallar gida. To fulat ɗaya ya yi wata shida ba kowa, dubu 400 ta tafi, saura miliyan 2.8. Ejen mai kula da gida ya cire kashi 10 na abin da ya karɓo, dubu 280, a ce kwashe sokawe da fenti da yoyon rufi sun ci dubu 400, harajin ƙasa da na ƙaramar hukuma a ce dubu 120, abin da ya rage miliyan 2 cif, ka raba da 40 ka ga kashi 5 ne ba 8 ba. Ni "tataccen amfani" nake so, kamar amfanin gona, a ce tataccen amfanin gidan nan kashi 5 ne a shekara.

Hajiya mai shaguna: Ni dai a cire kalmar riba ɗin nan, haya halal ce, kar a haɗa mu da kuɗin ruwa.

Dillali: Hajiya ribar kasuwa ake nufi. Amma malam, ai la'adarmu ɗan haya ke biya in zai shiga.

Akanta: Ta shiga gida eh, ita ba a lissafa ta. Ta karɓar haya da bin gyara kuwa daga kuɗin mai gida take fita. Kuma kar shekarar da ba a yi gyara ba ta ruɗe ku, in sauya kwano zai ci miliyan 3 duk shekara 15, a ware dubu 200 kowace shekara.

Hajiya mai shaguna: To ni kamfani ke haya a wurina suna riƙe kashi 10 wai haraji, shi ma cirewa zan yi?

Akanta: Cire shi Hajiya, amma ki karɓi takardar shaida, don ana rage shi daga harajinki na shekara, kar ki lissafa shi sau biyu.

Mai tambaya: Tataccen amfani ya kwanta min. Sai dai yaya ya sayi gidan tun da daɗewa da araha, da kuɗin saye zan raba ko da farashin yau?

Dillali: Na yau mana, shi zai karɓa in ya sayar.

Akanta: Rubuta masa duka biyun, ɗan'uwa.