Lita 41 a kanta mai lamba 7: yoyo ne, kuskuren rubutu ne, ko ana sha min mai?

Sani Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ba na barci. Wan mahaifina ne ya ba ni riƙon motocinsa, kanta goma sha ɗaya masu ɗaukar tumatir da albasa daga Mile 12, bayan wanda ya riƙe kafin ni sun rabu baram-baram, shi ya sa idon kowa a gidan yana kaina. Duk shan gas ina rubutawa a Excel, lita da lambar mita. Ga lita nawa mota ta 7 ke sha a kilomita 100, shan mai sau tara a jere: 16, 17, 15, 16, 9, 24, 17, 16, 41. Matsakaicin ya ba ni 19. Ranar Juma'a zan kai wa Alhaji, wan mahaifin nawa, lissafi. Me zan ce masa?

Alhaji Mudi Ijora:
Sata ce, ɗana. Shekara ashirin da biyu ina harkar tirela. Akwai direban da ya yi shekara uku yana zuƙe min gas a hanyar Ibadan yana gaishe ni da hannu biyu. Karɓe makulli yau.

Injiniya Bilki:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Kafin a karɓe makullin kowa, ka ajiye 19 ɗin nan gefe, don 41 ce ta ja shi sama. Jera lambobin daga ƙarama zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya, za ka ga 16. Wannan ce ɗabi'ar motar. Sai ka auna nisan kowace lamba daga 16, su ma ka ɗauki na tsakiyarsu. Idan lambobin na E2 zuwa E10:

```
H1: =MEDIAN(E2:E10)
F2: =ABS(E2-$H$1)
H2: =MEDIAN(F2:F10)
```

Ka ja F2 ƙasa har F10, sai H2 ya ba ka 1. Wato a al'ada motar ba ta kauce wa 16 da fiye da lita ɗaya. Ni duk abin da ya kauce da ninki biyar na H2 nake sa wa jan launi, don haka uku suka faɗo: 9, 24 da 41. Turo min lita da kilomita na ukun nan, ba sakamakon kawai ba.

Nura Idi-Araba:
Ai ba sai an yi doguwar hanya ba. A makaranta STDEV aka koya mana, ma'aunin yadda lambobi suka warwatsu, duk abin da ya wuce ninkinsa uku daga matsakaici shi ne baƙo.

Injiniya Bilki:
Nura, hanyarka tana aiki in layuka sun yi yawa. Gwada ta a nan: STDEV ya kai kusan 9, ninki uku 27, ka ɗora a kan 19 ya zama 46. Ka ga 41 ta wuce salin-alin, domin ita da kanta ta kumbura ma'aunin da za a kama ta da shi.

Sani Agege:
Ga su. Ta 9: kilomita 400, lita 36. Ta 24: kilomita 350, lita 84. Ta 41: kilomita 200, lita 82.

Injiniya Bilki:
To biyun farko sun warware kansu. Haɗa su: lita 120 a kilomita 750, daidai 16. Abin da ya faru, ranar farko ba a cika tanki ba, aka zuba 36 kawai, sai sha na gaba ya biya bashin. Lissafin nan ba ya tsayawa sai daga cikon tanki zuwa cikon tanki. Duk inda ka ga ƙaramar lamba da babba manne da juna, fara haɗa su kafin ka zargi mutum.

Ta 41 ce aiki. Kilomita 200 ya kamata ta ci kamar lita 32, saura 50 ba a san inda suka shiga ba. Abu na farko da zan duba lambar mita ce. A ce mita tana 148,300, ta kai 148,800 amma aka rubuta 148,500. Tafiyar gaskiya 500 ce, lita 82 kuma ta dawo 16 da ɗoriya. Irin wannan kuskure yana tona kansa, don kilomita 300 da suka ɓace za su faɗa layi na gaba, ka gan shi ya yi ƙasa ƙwarai, kamar 9 ko 10. An sake shan mai bayan nan?

Sani Agege:
An sha jiya. Ya ba da 17.

Injiniya Bilki:
To ba kuskuren rubuta mita ba ne.

Alhaji Mudi Ijora:
Na faɗa muku tun farko. Ku da na'urarku kun zaga kun dawo inda nake.

Baban Hanan:
Ranka ya daɗe Alhaji, a yi mana adalci, ni direba ne. Ka taɓa kwana a layin Apapa? Inji na aiki, mita ba ta motsi. Ni maigidana ya yanke min albashin wata guda a kan gosulo, har yau ban yafe ba. Kuma masu gidan mai ba waliyyai ba ne, akwai famfon da zai rubuta 50 bai zuba 50 ba.

Injiniya Bilki:
Baban Hanan na da gaskiya rabi. Amma kanta ba tirela ba ce. Ko mun ce tana ƙona lita biyu a awa tana tsaye, sai ta yi awa 25 inji a kunne kafin ta cinye 50. Famfon da ke tauye mudu kuma zai taɓa duk motar da ta sha a wurin, ba 7 kaɗai ba, don haka ka duba sauran motocin da suka sha a gidan man a makon.

Yoyo ma ban sa shi gaba ba. Ɗigon tanki ko na bututu yakan ɗaga lambar a hankali, 16 ta koma 18 ta koma 19 ta zauna a nan, ba ya tsalle sau ɗaya ya warke da kansa. Duk da haka ka shimfiɗa kwali ƙarƙashinta da dare, ka tsoma sanda a tanki ka yi alama, ka sake tsomawa da asuba. Abin da ya rage shi ne mita ta tsaya na ɗan lokaci, ko an yi rasit da ya fi abin da aka zuba, ko an zuba wani a jarka. Rubuta wuraren da motar ta je tsakanin shan biyu, ka auna a taswirar waya ka gani ko ya yi kusa da 200. Wa ke karanta maka mitar?

Sani Agege:
Direban ne ke faɗa min a waya. Kuɗin mai ma a hannu nake ba su, su kawo rasit. Haka na tarar ana yi, kuma ba zan iya bin mota goma sha ɗaya gidan mai ba.

Alhaji Mudi Ijora:
Innalillahi! Ka ba kura ajiyar nama kana tambayar Excel.

Hajiya Rabi:
Ni janareton shagona a Alaba Rago ne ke shan mai fiye da da, wannan lissafin zai yi masa?

Nura Idi-Araba:
Hajiya shi da awa ake auna shi, ba kilomita ba. Sani ka sa tiraka kawai ka huta.

Injiniya Bilki:
Ba sai ka bi su ba. Hoto biyu a kowane sha, na mita da na fuskar famfo, kuma a cika tanki. In ba haka ba kana tace lambobin da mutum ɗaya ne ke ba ka duka biyun. Wanda ya iya sata ba zai bar maka 41 ba, zai riƙa cire lita huɗu kowane sha, ka ga 17 ka ce lafiya.

Sani Agege:
Na ji Injiniya, amma dattawa ne a cikinsu, in na ce su riƙa turo hoto za su ce na raina su. Kuma direban 7 ƙanin matar Alhaji ne, shekara shida ba a taɓa kama shi da komai ba. Ina ganin zan haɗa ta 41 da sauran watan in ba da jimilla kawai.

Injiniya Bilki:
Kar ka ɓoye ta a jimilla. Ka nuna ta, ka ce lita 50 ba su da bayani tukuna.

Baban Hanan:
Ka tambaye shi da kanka mana kafin Juma'a. Ka ma tambaye shi?

Sani Agege:
Ban tambaye shi ba. Ya tafi Shagamu da kaya, sai gobe da dare.