Masu sitoma a ƙaramin hanji: yaya kuke yi da ƙishirwa da jakar da ba ta daina cika?

Maman Sadik:
Salamu alaikum. An yanke wa maigidana hanji bayan ya murɗe, likita ya ce santimita 120 ya rage na ƙaramin hanji, aka fito da bakinsa ta ciki, wato sitoma, aka manna masa jaka. Jakar tana tara wajen lita biyu da rabi a yini, fitsari kuwa bai fi rabin lita ba, ja wur. Fiya wata leda takwas yake sha amma ƙishirwa ba ta barinsa. Wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni ma jaka gare ni tun aikin ciwon daji, kuma ruwa da yawa aka ce in sha. Ki ƙara masa, ki haɗa da zoɓo da kunu.

Anti Nas:
Malam, hala taka a babban hanji take? Tasa daban ce. Maman Sadik, ruwan nan da yake ɗirka yana cikin abin da ke cika jakar. Saman ƙaramin hanji ba ya tsotse ruwa zalla, sai ma ya jawo gishiri daga jini zuwa cikinsa, su fice tare. Kowace lita da ta zuba a jaka tana tafiya da gishiri kusan giram shida, ke nan mai gidanki yana asarar kusan giram 15 kullum. Gishirin jiki ya ragu, ƙishi ya ƙaru, ya sake sha, jaka ta sake cika. Shayi, zoɓo da lemon kwalba duk haka suke, masu sukari ma sun fi ɓarna.

Abin da aka saba yi shi ne a rage irin waɗannan zuwa rabin lita ko lita ɗaya a yini, sauran a maye da haɗin da asibitin St Mark's na Landan ya yi suna da shi: lita ɗaya ta ruwa, gulukos giram 20, gishiri giram 3.5, bekin soda giram 2.5. Kurɓa ake yi a hankali har dare, ba a shanye kofi lokaci guda. Amma fitsari rabin lita ya yi kaɗan. Ku koma asibiti gobe a duba ƙoda da gishirin jini, wataƙila sai an fara da ƙarin ruwa ta jijiya. Kada ki rage masa ruwa ke kaɗai kafin nan.

Hajiya Ladi:
Idan babu bekin soda ai kanwa ma ta yi. Mu ORS na kemis muke kaɗa wa ɗana tun da taifot ta huda masa hanji.

Anti Nas:
Kanwa a'a, Hajiya, ba a san ƙarfin abin da ke cikinta ba. ORS ya fi ruwa zalla nesa ba kusa ba, sai dai gishirinsa bai kai na wancan haɗin ba, kuma yana da fotashiyam, wanda ake lura da shi idan ƙoda ta raunana.

Ɗan Zinder:
'Yar'uwa, littafi ne ya cece ni. Na sami jug mai lamba, duk sanda na juye jaka in auna in rubuta awa da yawansa, da ko ruwa ne tsululu ko ya yi kauri kamar koko. Gefe guda fitsari, gefe guda abin da na sha, da nauyina kowace safiya. Kilo ɗaya ya faɗi cikin kwana biyu, ruwa ne ya tafi, ba tsoka ba. Magunguna ma ina rubuta lokacinsu, a nan likita ta gano ina shan lofaramayid, maganin rage gudawa, bayan cin abinci, alhali rabin awa kafin ci ake shansa. Na kuma rubuta ranar da na ga ƙwayar magani ta fito a jaka ba ta narke ba, aka canja min ita. Maganiziyam da dare nake sha, don da ya yi ƙasa yatsuna ƙandarewa suke. Allurar bitamin B12 duk wata uku, ranarta na bangon littafin, tunda an cire min ƙarshen hanjin da ke tsotse ta.

Abinci kuwa tuwon shinkafa, taliya, dankali, ƙwai, ayaba, kaɗan-kaɗan sau shida, gishiri ya ji. Wake da zogale na bari. Ba na shan ruwa a kan abinci.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai. Fura da nono fa? Ita kaɗai yake marmari.

Ɗan Zinder:
Kindirmo mai kauri bai dame ni ba, furar gero ce ke sa jakata gudu.

Hajiya Ladi:
Nawa kuwa yana shan furar lafiya lau, madara ce ba ya ɗauka. Ki gwada kaɗan rana guda, kada ki haɗa da wani sabon abu, ki ga abin da jug zai nuna.

Anti Nas:
Idan kuma jakar ta tsaya cak ga ciwon ciki da amai, ba sauƙi ba ne, toshewa ce, asibiti a daren. Maman Sadik, yana shan omefirazol, maganin rage asid na ciki, kuwa?