Taƙaitawa: saƙon "VCRUNTIME140.dll was not found"

Ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar nan kan yadda za a magance wannan saƙon kuskure, wanda Windows ke nunawa idan manhaja ta ƙi buɗewa saboda ba a sami wannan fayil ba:

1. Kowa ya yarda sunan fayil ɗin shi ke nuna maganin. Maganin shi ne saka Visual C++ Redistributable, wato kunshin Microsoft da ke ɗauke da irin waɗannan fayiloli: lambar 140 tana nufin na 2015 zuwa sama, 120 na 2013 ne, 100 kuma na 2010. Sabo ba ya maye gurbin waɗannan tsofaffin, kowanne zaman kansa yake.

2. Nan aka fi yin tuntuɓe. Kunshin yana da nau'in x64 na manhajojin 64-bit da x86 na 32-bit, sai wani ya saka x64 saboda Windows ɗinsa 64-bit ce, saƙon bai tafi ba. Ashe manhajar 32-bit ce, x86 take nema. Manhaja ake dubawa, ba kwamfuta ba, shi ya sa da yawa suka ce a saka duka biyun.

3. An rabu kan sauko da fayil ɗin DLL shi kaɗai a jefa cikin foldar System32 ta Windows. Wasu sun ce ya yi musu aiki. Mafi yawa sun ƙi: yana iya zuwa da ƙwayar cuta, in kuma bai dace ba sai kuskuren 0xc000007b ya fito. Ni ma ina bayansu, a ɗauko kunshin daga shafin Microsoft.