A rubuta farashi ko a ɓoye?

Ɗan Aboabo: Jama'a, ina riƙe wa 'yan kasuwar Kejetia littafin lissafi da na haraji, yanzu ina shirya takardar ayyukana. Wani ya ce min duk wanda ya rubuta farashi ya kori manyan masu kuɗi. Gaskiya ne?

Alhaji na Alabar: Gaskiya ce, ɗana. A Kumasi lambar da ka rubuta daga nan za a fara taya ka ƙasa. Bari mutum ya zo ya zauna tukuna, ka ga girman shagonsa.

Hajiya ta Asawase: Alhaji, a gafarce ni, wanda bai ga lamba ko ɗaya ba ai ba ya zuwa, yana tsoron jin kunya. Ƙanena, fara gyara sunan ayyukan. Kada ka rubuta "shawarar kasuwanci", ba wanda ya san me zai riƙe a hannu. Rubuta uku kawai. Na farko, zaman awa biyu a shago, ka duba littafi, ka bar masa takarda ɗaya mai nuna inda kuɗi ke zurarewa. Wannan sa masa farashi tsayayye, misali sidi 400. Na biyu, riƙon littafi wata-wata, "daga sidi 1,200, shago ɗaya, rasit har 200". Na uku, shirya harajin shekara na hukumar haraji ta GRA, ba lamba, sai "bayan mun ga littafi". Mai shago huɗu in ya ga na biyun, da kansa zai lissafa nasa.

Alhaji na Alabar: To "daga" ɗin fa? Kowa zai ce shi ne "daga".

Hajiya ta Asawase: Shi ya sa na ɗaure ta da shago ɗaya da adadin rasit. In ya zo da buhun rasit, takardar ce za ta yi masa gardama.

Ƙanwa ta Sawaba: Ni dai ku sa da dala ku huta. A 2022 na buga takardu, kafin su ƙare farashin ya zama abin dariya.

Malam na Tafo: A'a ƙanwata, Bankin Ghana ya hana sa farashi da dala in ba ka da izini. Rubuta watan da farashin zai ƙare, kuma kada ka buga da yawa. Abin da ya cije ni daban ne. Na yi wa wani kamfani aikin sidi 4,000, suka cire kashi 7.5 na haraji, 3,700 ta shigo. Ba su cuce ni ba, ni ne ban lissafa da shi ba.

Ɗan Aboabo: Hajiya, in mai zaman 400 ya koma na wata-wata, in cire masa ita?

Hajiya ta Asawase: Ni ina cirewa, kuma a rubuce take.

Alhaji na Alabar: Ka cire, gobe ya turo ƙaninsa yana neman zaman kyauta.