Lamda biyu daga tires da ditaminan: a ina kuka taɓa zamewa?

Sadiya: Assalamu alaikum. Jiya aka dawo mana da takardun gwaji, na sha ƙasa a tambayar da nake ganin ta fi kowacce sauƙi. An ce a nemo aiganbaliyu, wato lamda ko `λ`, na wannan matiriks:

```
A = | 1   2 |
    | 3  -4 |
```

Na haɗa lambobin da suka gangaro daga hagu sama zuwa dama ƙasa, 1 da -4, tires ya ba ni `T = -3`. Ditaminan kuma 1 sau -4, a debe 2 sau 3, `D = -10`. Har nan lafiya lau. Da na zo `λ² - Tλ + D = 0` sai hannuna ya rubuta `λ² - 3λ - 10 = 0`, na samu 5 da -2. Malamin ya zagaye wurin da jan biro, bai ce uffan ba. Ku ma ku faɗi inda ta taɓa kayar da ku.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Malama Sadiya, alamar debewa biyu ce ta haɗu miki. Tires ɗinki -3 ne, ga kuma wata debewar a gabansa, don haka daidai shi ne `λ² + 3λ - 10 = 0`. Wannan ya rabu zuwa `(λ - 2)(λ + 5)`, lamda ta zama 2 da -5. Shekaruna ina duba takardun ɗalibai, wannan zamewar na fi gani. Abin da nake ce musu kullum: kafin ka miƙa takarda, haɗa amsoshinka biyu, dole su ba ka tires, ninka su, dole su ba ka ditaminan. Naki 5 da -2 in an ninka -10 ne, shi ya sa hankalinki ya kwanta, amma jimillarsu 3 ce, ba -3 ba.

Nura: Ni abin kunya ne ma nawa. Mun saba da rage layi wajen warware lissafi, sai na ɗauka a nan ma haka ne. A irin matiriks ɗin Sadiya, zan debe layin farko sau uku daga na biyu, layin ƙasa ya koma 0 da -10, in karanta 1 da -10 a matsayin amsa, tunda an ce in akwai sifili a ƙasa lambobin gangaren su ne lamda. Rabin zango ina haka.

Malam Habu: Maganar sifilin gaskiya ce, Nura, amma sai in da shi matiriks ɗin ya zo. Rage layi irin naka bai taɓa ditaminan ba, shi ya sa 1 sau -10 ya ci gaba da ba ka -10. Tires kuwa ya koma -9. Wani matiriks ɗin ka warware daban.

Baban Khalifa: Ni ban ga amfanin dogon rubutu ba. Nemi lamba biyu da jimillarsu T, ninkinsu D, a kai kawai. Ban taɓa wuce minti ɗaya ba.

Rabi'atu: Yaya, sa'a ka yi ta samu. Gwada 1, 2 a sama, 3, 4 a ƙasa. `T = 5`, `D = -2`. Na ɓata kusan minti goma a zauren jarrabawa ina laluben lambobi cikakku, ashe babu su. Yanzu rabin tires nake ɗauka, in kira shi m, sai `λ = m ± √(m² - D)`. A nan m 2.5 ne, abin da ke cikin √ kuma 6.25 a ƙara 2, wato 8.25, wanda ya ba da kusan 2.87. Amsa kusan 5.37 da -0.37.

Nura: To in abin cikin √ ɗin ya fito ƙasa da sifili fa? Na taɓa samun `λ² + 1 = 0`, na soke shafin gaba ɗaya don na zaci kuskure na yi.

Malam Habu: Aikinka mai kyau ka soke. Ina jin 0, -1 a sama, 1, 0 a ƙasa aka ba ku. Wannan juya kowace kibiya yake yi digiri 90, babu wadda ke tsayawa a kan layinta, don haka amsar `i` da `-i` ce. Ga yadda za ka gane tun da wuri: `T² - 4D`, wato ninki huɗu na abin cikin √ ɗin, daidai yake da `(a - d)² + 4bc`, inda a, b suke sama, c, d suke ƙasa. Muddin b da c alamarsu ɗaya ce, ba zai faɗi ƙasa da sifili ba. In ka ga ya faɗi alhali alamarsu ɗaya ce, to lallai ka yi kuskure.

Baban Khalifa: Na ji, Rabi'atu. Amma dabarata na yi amfani da ita har a uku-sau-uku, ta ci.

Rabi'atu: Lamda uku da sharaɗi biyu kacal? Kawo matiriks ɗin mu gani, Yaya.